Yadda ake gyara tambayoyi da amsoshin shago, mai saye ya ga amsarsa a layin farko

Kawuna yana da shagon kayan sola a Garwa: pano, batir, fanka, ƙwayayen fitila. Rabin cinikinsa da mutanen da bai taɓa gani ba ne, daga Marwa, Ngaundare, Gider, har Kusiri. Su turo kuɗi ta waya, ya ɗaure kaya ya kai ajans, mota ta kai musu. Shekara biyu da suka wuce wani yaro ya rubuta masa jerin tambayoyi da amsoshi da ake tura wa duk wanda ya yi sallama. Tambayar farko ita ce "Su wane ne mu?" Ta biyu, "Me ya sa za ka zaɓe mu?" Na ce, Kawu, tun da ka buɗe shagon nan akwai wanda ya taɓa yi maka waɗannan tambayoyin? Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ko ɗaya. Kowa cewa yake nawa ne, kuma in ya fashe a hanya fa?"

Tun daga lokacin na gyara irin wannan jeri wa shaguna kaɗan, na kuma ga masu koyo suna faɗawa rami ɗaya: su zauna su ƙago tambayoyin da suke son amsawa. Ga yadda nake yi.

Na farko, kada ka rubuta komai sai ka karɓi wayar shago. Koma baya wata uku a saƙonnin masu saye, ka ɗauki biro da littafi, duk tambayar da ka gani ka rubuta ta yadda mai ita ya faɗa, in ta sake fitowa ka ja mata kara a gefe. Saƙonnin murya ma dole ka saurare su. Na san akwai gajiya, wani sai ya yi minti biyu yana gaisuwa da tambayar gida da zafi kafin ya zo kan magana, amma a can ainihin tsoron mutane yake. Wanda ya rubuta da Faransanci yakan taƙaita, wanda ya yi murya da Hausa ko Fillanci shi ke amayar da cikinsa. Ka kuma tambayi yaron da ke tsaye a kanta abin da ake yawan tsare shi da shi. A shagon Kawu na kwana biyu a kan wannan, tambayoyi tara ne suka yi ta dawowa. Tsohon jerin yana da ashirin da biyu, uku kawai suka haɗu da taran nan.

Na biyu, ka tono abin da ke ƙarƙashin tambayar. Mutanenmu suna da kunya, ba kasafai wani zai ce maka "ina tsoron ka cinye kuɗina" ba. Sai ya ce, "Shagonku a wane gefe yake?" alhali yana Marwa, kilomita sama da 200, ba zuwa zai yi ba. So yake ya tabbatar akwai shagon. Wanda ya ce "Batirin na wace ƙasa ne?" tambayarsa ita ce ko jabu ne. Saboda haka a jerin ka rubuta tambayar da suka kasa furtawa, da bakinsu, ba da bakin shago ba: "In na turo kuɗi, ta yaya zan san kayana za su zo?" Kawu ya ƙi wannan da farko, wai kamar muna tuna wa mutane cewa ana damfara. Na ce ai ba su manta ba. Muka bar ta, kuma ita ce ta biyu a jerin.

Na uku shi ne zuciyar aikin. Kalmar farko ta amsa ta zama amsar kanta: e, a'a, adadi, ko rana. Dalili ya biyo baya, sannan abin da mutum zai yi. Ga abin da tsohon jerin ya ce game da kai kaya: "Muna alfahari da hulɗa da amintattun kamfanonin sufuri domin gamsar da abokan cinikinmu a duk faɗin arewa. Lokacin isar kaya ya danganta da abubuwa da dama." Ka karanta sau uku, har yanzu ba ka san ko kayanka za su kwana a hanya ba. Muka mayar da ita haka: "Marwa da Ngaundare, washegari, in kuɗinka ya shigo kafin ƙarfe 12 na rana. Kusiri kwana biyu zuwa uku, da damina ya kan kai biyar saboda hanyar Mora zuwa Dabanga. Da mun ajiye a ajans za mu turo maka hoton rasit da lambar kayan." Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: rufe komai da hannu ka bar jimlar farko. In mutum zai iya yanke shawara da ita kaɗai, ta yi. In ba zai iya ba, amsar tana ƙasa, ɗauko ta ka kawo sama. Ni dai na haramta wa kaina fara amsa da "ya danganta". In da gaske ya danganta, faɗi kan me, ka ba da adadin kowanne.

A nan ne fa ni ma na sha ƙasa, kuma shi ya sa zan daɗe a wurin. Da na kama wannan ƙa'ida ta amsa a gaba, sai na yi mata riƙon makaho. A tambayar garanti na rubuta, "E, batirinmu yana da garanti na wata shida." Sharuɗɗan na jera su a ƙasa, layi na huɗu da na biyar. Bayan wata biyu wani dattijo ya zo daga wajen Fitowa da batir a ɗaure bayan moto, ya kumbura kamar burodi. Ya haɗa shi kai tsaye da pano ba regilato a tsakani, wato ƙaramin akwatin da ke daidaita caji, rana ta yi ta dura masa caji har ya lalace. Ɗansa ya miƙa wayar, ga layinmu na farko, baƙi a kan fari. Kawu ya nuna masa layi na huɗu. Dattijon ya ce, "Alhaji, ni abin da aka karanta mini ke nan: e, akwai garanti." Kuma gaskiyarsa. Yaron ya karanta masa jimlar farko ya tsaya, kamar yadda kowa yake yi. Kawu ya ba shi sabo a rabin kuɗi don kada a yi tashin hankali a bakin shago, ni kuma na sha kallo har magariba.

Darasin da na ɗauka: sharaɗin da zai iya juya e ta koma a'a, dole ya zauna cikin jimla ɗaya da e ɗin. Yanzu layin yana cewa, "E, wata shida, amma sai in an haɗa batirin ta regilato kuma kana da faktir ɗinka. Batirin da ya kumbura ko aka buɗe ba ya cikin garanti." Yadda za ka gane sharaɗin da ya cancanci hawa sama: tuna rigimar da aka taɓa yi a shagon. Duk abin da ya taɓa sa aka ɗaga murya, na jimlar farko ne. Sauran ƙananan bayanai, irin su ranar da ake karɓar kayan gyara, su zauna a ƙasa.

Haka muka yi wa tambayar fashewa. Pano gilashi ne, ana ɗora shi a saman mota tare da buhunan albasa. Da, jerin ya yi gum a kan wannan. Sai da na zaunar da Kawu na ce ya yanke hukunci tukuna, domin ba a rubuta amsar da mai shago bai tsayar ba. Ya tsayar: "Asararmu ce, in ka buɗe kwalin a cikin ajans ka turo hoto kafin ka fita da shi. In ka kai gida sannan ka gani, taka ce." Amsa ce mai ɗaci ta wani gefen, amma mutum ya san abin yi tun kafin mota ta iso.

Tambayar da ta fi kowace yawan kara a littafina ita ce, "Zai kai ni asuba?" A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, ba wanda ke sayen batir don ado, fanka yake so ta kwana tana juyawa. Tsohuwar amsa ta ce batirin yana da ƙarfi da inganci. Sabuwar ta ce, "Wajen awa goma, in fanka ɗaya ce mai wat 40 da ƙwai uku masu wat 5, kuma batirin ya cika da rana." Lissafin yana biye ga mai son gani: batir mai bolt 12 da ampiya 100 yana riƙe wat-awa 1,200, amma irin na gubar dalma rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko, saura 600. Raba da wat 55, ka samu awa goma da ɗoriya. Muka ƙara layi ɗaya: in ka jona talabijin, ba zai kai ba. Wannan layin ya hana mu ciniki ɗaya ko biyu, na sani. Ya kuma sa wasu suka sayi babba tun farko.

Kuɗi kuwa a rubuta shi da lamba cikakke, 85,000 FCFA, ba "tamanin da biyar" ba. A bakin kasuwa har yanzu akwai masu ƙirga da dala, sefa biyar-biyar, mutanen Chadi kuma da riyal, shi ma sefa biyar ne, sai ka ce dubu biyu wani ya ji dubu goma. Faɗi hanyar biya da sunanta, Orange Money ko MTN MoMo, da sunan da zai fito a allo in an sa lambar, ka ce in wani suna ya fito daban kada a tura. Faɗi wa zai biya kuɗin cira, don wannan ɗari biyar ko dubun ta ɓata ciniki fiye da yadda ake zato. Masu tambaya daga Njamena mun gaya musu a kalmar farko: a'a, iyakarmu Kusiri, ƙetare gadar Ngeli da maganar duwan naka ne.

Sauran aikin ba wuya. Jera su bisa yawan karan da ka ja, wadda ta fi damun mutane a sama, tarihin shago a cire shi gaba ɗaya. Kada su wuce goma. Kowace amsa ta shiga allon ƙaramar waya ba sai an ja ƙasa ba. A yi na Hausa da na Faransanci daban-daban, kada a cakuɗa, a kuma duba adadin da ke cikinsu ɗaya ne. Ba sai ka biya kowa ba don raba su: a WhatsApp Business akwai wurin ajiye amsoshin gaggawa, ka ba kowace gajeren suna, yaron shago ya buga `/garanti` ko `/kaikaya` ta fito.

Kafin ka saki, ba wa wanda ba ɗan shagon ba ya karanta wa wani da ƙarfi, tun da yawancin masu sayenka ma karanta musu za a yi. Ni ƙanwata na ba, ta karanta wa Inna, na tsaya ina jin inda Inna za ta ce "wato me?" Sau biyu ta faɗa, duka a kan kalmar regilato, sai muka ƙara "ƙaramin akwatin da ke tsakanin pano da batir". Sa ranar da aka gyara a ƙasa. Duk sanda kuɗin ajans ko farashi ya motsa, a gyara jerin da ranar nan take, kuma littafin karan ya ci gaba da zama a kan kanta da bironsa a ɗaure.