Yadda malami zai sanar da aji cewa babu darasi, da yadda za a rama shi

Sanarwar da malamai suka fi aikawa idan uzuri ya taso ita ce: "Gobe babu darasi, za mu rama in Allah ya kai mu." Ba ta cin minti ɗaya wajen rubutawa, amma tambayoyin da take haifarwa sai su cinye maka yini. Wani ɗalibi zai tambaya ko a kawo aikin gida duk da haka, wata ta tambaya ko gwajin ranar Litinin yana nan, wanda kuma bai ga saƙon ba sai da safe zai ɗauka goben da ake nufi ita ce jibi. Ramuwar kuwa, tunda ba a sa mata rana ba, yawanci ba a yin ta. Sai ƙarshen zango ya zo a tarar da giɓi a manhaja.

Maganin wannan shi ne ka gama tsara ramuwar kafin ka rubuta ko da kalma ɗaya. Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Kai malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare. Ranar Laraba, 12 ga wata, kana da darasi biyu a haɗe, minti 80, daga ƙarfe 9:20 zuwa 10:40, inda za ku gwada asid da alkali da takardar litmas a ɗakin gwaje-gwaje. Ranar Litinin sai aka ce maka za ka tafi taron bita ranar Larabar.

Abin da za ka fara yi shi ne ka ɗauko shirin darasin ka rarraba mintocin. A namu misalin, minti 10 na farko na kiran suna ne da karɓar aikin gida. Minti 25 na bayani ne: mene ne asid, mene ne alkali, me ya sa shuɗiyar takardar litmas take komawa ja a cikin asid, jar kuma take komawa shuɗiya a cikin alkali. Minti 30 na gwajin ne kansa, inda ɗalibai za su tsoma takardun cikin ruwan lemun tsami da ruwan sabulu da ruwan gishiri. Minti 15 na ƙarshe na rubuta sakamako ne da tattaunawa. Yanzu ka tambayi kanka: a cikin waɗannan, wanne ne ba zai yiwu ba sai kana tsaye a wurin?

Gwajin dai dole sai da kai, don ba a barin yara su kaɗai da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Tattaunawar sakamako ma tana son malami, domin a nan ne wani zai ɗaga hannu ya ce takardarsa ba ta canja launi a ruwan gishiri ba, ko ta lalace ne? Kai kuma ka nuna masa ba ta lalace ba, ruwan gishirin ne ba asid ba ne, ba kuma alkali ba ne. Amma bayanin farko yana cikin littafinsu, za su iya karantawa. Zana teburin da za su cika da sakamako ma ba ya buƙatarka. Ka ga ke nan abin da za ka rama da kanka gwajin ne da tattaunawar, minti 45, wanda idan an cire zanen teburin za a iya matse shi a minti 40, wato darasi ɗaya. Wannan lissafin shi ne ke sa ramuwa ta yiwu, domin samun minti 80 a jere a jadawalin da ya riga ya cika abu ne mai wuya, amma minti 40 ana samu.

Daga nan sai neman wurin da za a saka mintocin. Hanya mafi sauƙi ita ce musaya da abokin aiki: ya karɓi lokacinka na Laraba, ya ba ka nasa a wata rana. Wannan ya fi kowace hanya, don ajin ba zai zauna babu malami ba, kuma babu wanda aka riƙe bayan tashi. A misalinmu, malamar lissafi ta yarda ta ɗauki minti 40 na farko ranar Laraba, ta ba ka darasinta na Talata, 18 ga wata, ƙarfe 11:00. Kafin ka ce kun gama magana, je ka duba ko ɗakin gwaje-gwaje ba kowa a wannan lokacin, ka kuma gaya wa mai kula da ɗakin ya tanadi kayan. Malamai da yawa a nan suke tuntuɓe: an yi musaya lafiya, ranar ta zo, sai a tarar wani aji na ciki.

Ramuwa bayan an tashi daga makaranta ko a ranar hutu ita ce zaɓin ƙarshe, ni kam ba na ba da shawararta sai babu yadda za a yi. Akwai yaran da ake zuwa ɗauka a kan lokaci, akwai masu nisan gida, kuma duk wanda bai samu zuwa ba an cuce shi a kan uzurin da ba nasa ba. Idan dole ce ta sa, sai da sanin iyaye. Kowace hanya ka bi, ka kai wa shugaban makaranta ko mai kula da jadawali kafin ɗalibai su ji. Bai dace shugaba ya ji labarin a bakin yara ba.

Saura abu ɗaya kafin rubutu, kuma shi aka fi mantawa: abubuwan da ke rataye a wuyan darasin da aka ɗage. Buɗe kundinka ka duba. Akwai aikin gida da ya kamata a miƙa ranar Laraba. Akwai kuma gwaji ranar Litinin, 17 ga wata, wanda rabin tambayoyinsa daga wannan darasin suke. Tunda ramuwar sai 18, gwajin ba zai tsaya a 17 ba. Ko dai ka cire waɗannan tambayoyin, ko ka matsar da shi. A nan mun mayar da shi Litinin, 24 ga wata, don a samu 'yan kwanaki tsakanin gwaji a ɗaki da gwaji a takarda. Aikin gida kuwa a bar shi a ranarsa, shugabar aji ta tattara. Idan ka ɗage shi ba dalili, waɗanda suka yi nasu a kan lokaci za su ga kamar wahalar banza suka sha.

Yanzu sanarwar za ta rubuta kanta:

"Ɗaliban aji biyu B, barkanku da war haka.

Darasin kimiyya na ranar Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 9:20 zuwa 10:40, ba zai yiwu ba, saboda zan halarci taron bita.

Ku zo makaranta kamar kullum. Daga 9:20 zuwa 10:00 malamar lissafi za ta shigo, don haka ku taho da littafin lissafi. Daga 10:00 zuwa 10:40 ku zauna a aji ku karanta shafi na 46 zuwa 49 na littafin kimiyya, ku amsa tambaya ta 1 zuwa ta 5, sannan ku zana teburin shafi na 49 a littafin rubutunku, kada ku cika shi. Malamin aji zai zauna da ku.

Aikin gida na makon jiya ku ba shugabar aji ranar Laraba kafin ƙarfe 10:40.

Za mu rama darasin ranar Talata, 18 ga wata, ƙarfe 11:00 zuwa 11:40, a ɗakin gwaje-gwaje, a madadin lissafi. Zan fara da duba tambayoyi biyar ɗin da teburin.

Gwajin Litinin, 17 ga wata, ya koma Litinin, 24 ga wata.

Mai tambaya ya same ni a ofishin malamai ranar Talata, 11 ga wata, lokacin hutun tara.

Malamin kimiyya."

Duba yadda kowace rana ta zo da sunanta da kwanan watanta. Babu "gobe", babu "mako mai zuwa", domin ba ka san lokacin da kowa zai karanta ba. Dalilin kuma jimla ɗaya ce. Da rashin lafiya ne ko wata matsalar gida, "saboda wani uzuri" ya isa, ba sai aji ya san sirrinka ba. Doguwar ban-haƙuri ma ba ta da amfani, tana tura abin da ake nema can ƙasa inda ba kowa ke kaiwa ba.

Jimlar "ku zo makaranta kamar kullum" kada ka raina ta. Yaro zai iya zuwa gida ya ce an ce babu karatu ranar Laraba, kuma a zuciyarsa ba ƙarya ya yi ba, haka ya fahimta. Sannan ka lura da girman aikin da aka ba su: shafi huɗu, tambaya biyar, tebur ɗaya. Ɗalibi matsakaici zai gama a minti 40. Idan ka ce "ku karanta babi na shida", ba ka ba da aiki ba, don babu wanda zai san inda zai tsaya, kai ma ba ka da abin dubawa. Idan kuma ka jibga musu tambaya talatin don lamirinka ya kwanta, biyu za su yi, saura su kwafa.

Wajen isar da ita, kada ka dogara da hanya ɗaya. Ka faɗa da bakinka a aji, ka sa su kwafe ranakun a littafinsu kana kallo, ka manna takardar kusa da allo. Idan makarantar na da zauren waya na iyaye ko na ɗalibai, ka tura rubutun yadda yake, kada ka sake tsara shi da ka, don kada a samu ranaku biyu suna yawo. Rubutu ya fi saƙon murya a nan, saboda ana iya komawa a duba kwanan wata da ido. Kafin ka fita daga ajin, nuna wani a bencin baya ka ce, "Kai, yaushe za mu rama?" In ya yi shiru ko ya faɗi wata rana daban, sanarwar ba ta shiga ba tukuna, sai ka maimaita. Ka kuma duba rajista ka ga waɗanda ba su zo ba, ka sa shugabar aji ta isar musu.

Wani lokacin uzurin da asuba yake faɗowa, babu damar duk wannan shiri. To sai ka raba sanarwar biyu. Ta farko ka aika wa shugaba da malamin aji nan take: darasin da ba zai yiwu ba, aikin da za a ba yara, da ranar da za ka faɗi lokacin ramuwa, misali "zan sanar da ku ranar Juma'a, 14 ga wata". Ta biyu ta fito a ranar da ka faɗa. Abin da zai cece ka a irin wannan safiyar shi ne ka riga ka ajiye aikin minti 40 ɗaya ko biyu a wurin malamin aji tun farkon zango, irin wanda ba ya buƙatar sabon bayani.

Ranar ramuwa, ka fara da abin da ka ce za ka fara da shi. Zagaya ka ga teburin kowa, ka ɗauki tambaya ɗaya ko biyu cikin biyar ɗin ku amsa tare, minti biyar ya isa. Idan ka tsallake wannan, sun gane cewa aikin da kake bari ba a dubawa, wani karon ba za su taɓa shi ba. Idan kuma ka tarar yawancinsu sun rikita wace takarda ce ke komawa ja, kada ka koma bayanin minti 25, lokaci ba zai isa ba. Tsoma takarda ɗaya a gabansu su gani, sannan ka sake su su yi nasu. Bayan an tashi, rubuta a kundin darussa cewa darasin 12 ga wata an rama shi ranar 18, tare da sunayen waɗanda ba su halarta ba, don ka haɗa su da masu cikakken tebur kafin gwajin ranar 24.