Yadda ake koya wa yaro ware abu ɗaya ta hanya biyu da ƙwallon dabino, tsakuwa da ganye

Yaro ɗan shekara uku zai iya ware miki dutse daga ganye ba tare da wata wahala ba. Inda aikin yake shi ne a sake cakuɗa kayan nan, a ce masa yanzu ya manta da dutse da ganye, ya ware manya daga ƙanana. Wannan canjin doka a kan kaya iri ɗaya shi ne abin da wasan nan yake son ginawa, domin yaron da ya gane cewa ƙwallon goruba ƙwallo ne kuma babba ne a lokaci guda ya fara kama hanyar tunanin da lissafi zai nema a wurinsa nan gaba. Wasan ya fi dacewa da 'yan shekara uku zuwa biyar, wato masu shirin shiga rauda da waɗanda suke cikinta, kuma duk kayansa ana samunsu a tsakar gida, ko a Maiurno kike ko Gadarif ko Kasala.

Haɗa kayan

Ki tara abubuwa 24: ƙwallo takwas, dutse takwas, ganye takwas. A kowane iri huɗu su zama manya, huɗu ƙanana. Ƙwallon goruba ko na mangwaro da ya bushe shi ne babba, ƙwallon dabino shi ne ƙarami. Babban dutse ya kai girman ƙwan kaza, ƙaramin kuma ya yi tsawon ƙwallon dabino. Ganyen mangwaro ya tsaya a matsayin babba, ɗan ganyen darbejiya guda ɗaya da aka tsinke daga reshensa ya zama ƙarami. Sai faifai uku ko murfin tukunya uku, da tabarma.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata wasan tun kafin a fara. Dole mafi ƙanƙanta a cikin manya ya ninka mafi girma a cikin ƙanana aƙalla sau biyu. Idan kika saka dutse matsakaici, ko babban ƙwallon da bai fi ƙaramin dutse girma ba, yaron zai rasa inda zai ajiye shi, ke kuma ki ɗauka bai gane ba, alhali kayan ne suka ruɗe shi. Haka nan launi. Idan duk manyan duwatsun farare ne, ƙananan kuma baƙaƙe, ba za ki san da me yake warewa ba, da girma ko da launi. Ki zaɓi duwatsun da launinsu ya yi kusa da juna. Ganye kuwa a tsinko shi ranar wasan, domin a zafin bazara ganyen darbejiya yakan nannaɗe cikin yini ɗaya, kuma a zauna inda iska ba za ta kwashe shi ba.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wannan tarin ko kaɗan. 'Ya'yan zurman da na zaƙami da idon zakara guba ne, kuma kyawunsu ne yake jan hankalin yara. Ganyen tumfafiya yana da farin ruwa mai cutar da ido. Irin shuka da aka yi wa feshin magani, wanda sau da yawa ake rina shi ja ko shuɗi, shi ma a nisanta shi. Gyaɗa da wake da 'ya'yan tsamiya suna shiga hanci da kunne, gyaɗa kuma tana iya sarƙe yaro, don haka ban ga dalilin amfani da su ba tunda ga dabino. Shi kansa ƙwallon dabino ba na yaron da bai kai shekara uku ba ne, ko wanda har yanzu yake kai komai baki, kuma idan akwai ƙani mai rarrafe a gidan a jira sai ya yi barci ko an goya shi. Babba ne zai ɗebo duwatsun saboda kunama, ya wanke su. Bayan wasa a ƙirga, a tabbatar 24 ɗin sun cika kafin a ɗaure su a leda ko ƙyalle.

Zama na farko: warewa da iri

Ki zube kayan a tsakiyar tabarma ki bar yaron ya yi wasa da su kamar minti biyar ba tare da kin ce komai ba. Zai jera su, ya yi gida, ya ce goruba jaki ce. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Siwizalan, ya lura cewa ƙananan yara idan aka ce su haɗa masu kama da juna sukan ɓuge da yin siffa, kamar jirgin ƙasa ko gida. Idan ba ki bar shi ya kashe ƙishirwar taɓa kayan ba, a tsakiyar aikin zai koma can.

Daga nan ki ajiye faifai uku, ki sa samfuri a kowanne: ƙwallo, dutse, ganye. Ki sa samfurin ya bambanta a girma, misali babban ƙwallo da ƙaramin dutse, don kada girma ya shigo cikin maganar tun yanzu. Ki miƙa masa abu ɗaya ki ce, "Ina 'yan uwan wannan suke?" Uku ko huɗu na farko ki miƙa da hannunki, sauran ya ɗauka da kansa. Idan ya yi kuskure kada ki ɗauke. Ki bari ya gama, sannan ki nuna faifan ki ce, "Duba min nan, akwai baƙo a cikinsu?" Yawanci da kansa zai cire shi. Tambaya ta ƙarshe ita ce, "Me ya sa ka haɗa waɗannan?" Amsar "duk duwatsu ne" ita ake nema, da Hausa ko da Larabci, duk wanda ya zo bakinsa. Minti goma ya isa zama ɗaya. A maimaita wannan a wasu ranakun har sai ya ware duka ba tare da samfuri ba.

Canja doka

A ce yarinya ce 'yar shekara huɗu, ta iya warewa da iri sarai. Ki bar ta ta ware kamar kullum, ki juye komai a tsakiya a gabanta, ki ɗauke faifai ɗaya ya rage biyu. Ɗauke faifan yana da amfani, domin idonta yana ganin cewa wasan ya sauya. Ki ce, "Yanzu wasan manya da ƙanana za mu yi. Manya nan, ƙanana nan." A faifan manya ki sa goruba da ganyen mangwaro tare, a na ƙanana ki sa tsakuwa da ƙwallon dabino tare. Samfuri biyu mabambanta a faifai ɗaya suna nuna mata cewa iri ya daina aiki.

Sai ki miƙa mata ƙaramin ganye. Wannan shi ne gwajin. Ganye ɗaya tilo da take gani yana faifan manya, saboda haka hannunta zai nufi can. Idan ta ajiye shi wurin ganyen mangwaro, ki tambaye ta, "Ina ƙanana suke zuwa?" Abin mamaki, za ta iya nuna miki faifan daidai, amma ki sake miƙa mata wani ƙaramin ganyen ta mayar da shi wurin babban ganye. Wannan sananne ne a binciken tunanin yara: yawancin 'yan shekara uku suna manne wa dokar farko ko da sun faɗi sabuwar da bakinsu, yawancin 'yan shekara biyar kuwa suna sauyawa. Ba taurin kai ba ne, kuma tsawa ba ta gyara shi. Ƙarfin danne abin da aka saba ne bai gama nuna ba.

Abin da yake taimakawa shi ne a sauƙaƙa. Ki janye ƙwallo da ganye, ki bar duwatsu takwas kaɗai, ta ware manya da ƙanana. Idan ta yi, ki ƙara ƙwallo takwas a kan faifan guda biyu. Ganye ya zo ƙarshe, domin shi ne mafi wuya: ganyen mangwaro dogo ne amma ba shi da nauyi. Kafin ta ajiye kowane abu, ki sa ta faɗi sunansa da sabuwar dokar, "ƙarami" ko "babba", sannan hannu ya motsa. Idan a rauda da Larabci ake koya musu, ki riƙa haɗa mata "kabir" da "sagir" da kalmomin gida, amma kalma ɗaya a zama ɗaya.

Za ki san ta kama idan ta ware duka 24 da girma, kika cakuɗa, ta koma ta ware da iri, ba tare da samfuri ba. Akwai wata alama ta rashin kamawa da take ɓoyewa: yarinyar da take kallon fuskarki kafin ta saki abu. Wannan fuskarki take karantawa. Ki kawar da kai, ko ki shagala da tsinar shinkafa, ki duba bayan ta gama.

Wa ya fi yawa, da gidaje shida

Bayan warewa da girma, ki cire manya biyu a gabanta, ya zama manya goma, ƙanana goma sha biyu. Ki tambaye ta wane faifai ya fi yawa. Kusan kullum za ta ce manya, saboda sun cika faifan. Kada ki yi gardama, kuma ba sai ta iya ƙirga zuwa goma sha biyu ba. Ki ce kowane babba ya riƙe hannun ƙarami ɗaya, ta jera su biyu-biyu a tabarma. Ƙanana biyu za su rage ba abokin tafiya, nan ta ga amsar da idonta. Ga ɗan shekara uku a rage adadin zuwa manya uku da ƙanana huɗu.

Ɗan shekara biyar da ya saba da dokokin biyu zai iya haɗa su. Ki zana gidaje shida a ƙasa da tsinke, layi biyu, kowane layi gida uku. Layin sama na manya, na ƙasa na ƙanana, daga dama zuwa hagu kuma ƙwallo, dutse, ganye. Ki cika gida biyar da abu ɗaya-ɗaya, ki bar na ƙaramin dutse fanko, ki ce, "Wa yake da wannan gidan?" Idan ya kawo babban dutse, ya duba iri ya manta girma. Idan ya kawo ƙwallon dabino, ya duba girma ya manta iri. Ki bi layin da ya manta da yatsarki kina kiran sunayen abubuwan da ke ciki, ki bar shi ya sake zaɓa.

Daga baya ki ba shi jagoranci. Ya ware kayan da dokar da ya ɓoye a ransa, ke ki canka. Zai iya zuwa da masu santsi da masu kaushi, ko waɗanda suka fito daga bishiya da waɗanda aka tsinta a ƙasa. Kowace doka karɓaɓɓiya ce muddin kowane abu cikin 24 ɗin ya sami gida ɗaya tak. Idan wani abu ya dace da faifai biyu, ko ya rasa wurin zuwa, ki ɗaga shi ki tambaye shi, "Wannan fa, ina za mu kai shi?", ki ba shi lokaci ya gyara dokar da kansa.