Kurakuran da ake yi wajen fitar da ranar ƙarewar takardar horo daga fayil ɗin ma'aikata

A asibiti, takardar horon farfaɗo da numfashi da bugun zuciya, wato BLS, tana da wa'adi. Katin da ƙungiyar American Heart Association ke bayarwa shekara 2 yake yi, kuma sai ƙarshen watan da aka bayar da shi yake ƙarewa. Mai tsara kwas ɗin sabuntawa yakan kwashe bayanai daga fayil zuwa Excel, kuma a wannan kwashewar ake yin yawancin ɓarnar.

Da farko, a fayil guda za ka iya samun rana uku: ta wasiƙar tura ma'aikaci kwas, ta takardar sa hannun mahalarta, da wadda ke jikin satifiket. Ta satifiket kaɗai ake lissafi da ita. Wasiƙa niyya ce kawai, ana iya ɗage kwas bayan an rubuta ta, kuma mutum na iya sa hannu ya zauna a aji amma ya faɗi jarrabawar gwaji. In babu kwafin satifiket, a rubuta "ba shaida" a ɗauki mutumin a matsayin wanda bai yi ba har sai ya kawo. In kuma ranar ƙarewa na rubuce a jiki, ita za a kwafa, ba sai an lissafa ba.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne musayar rana da wata. A ce wata nas ta karɓi katinta ranar 4 ga Maris, 2024, an rubuta 04/03/2024 yadda muka saba. Kwamfutar da ke kan tsarin Amurka wata take fara karantawa, sai ta ɗauke shi 3 ga Afrilu. In ranar tana gurbin D2, ana fitar da ƙarewar a gurbin E2 da wannan:

```
=EOMONTH(D2,24)
```

Amsar gaskiya ita ce 31 ga Maris, 2026, amma tebur zai nuna 30 ga Afrilu. Ke nan wata guda cur tana aiki da katin da ya mutu, ofis kuwa na ganin komai lafiya. Ga yadda ake kama shi: ranar da ta wuce 12, kamar 25/03/2024, ba ta shiga tsarin Amurka, don haka Excel yakan bar ta a matsayin rubutu, ta manne a hagun gurbi, sauran suna dama. A gwada da `=ISNUMBER(D2)`. Ko layi ɗaya ya ba da FALSE saboda wannan dalili, a zargi duk ranakun 1 zuwa 12 da ke jerin, a koma kan takardu. Canza yadda gurbin ke nuna rana ba ya gyara abin da ya riga ya shiga a juye. Sai an daidaita tsarin yanki a kwamfutar an sake shigarwa, sannan a sa gurbin a `dd-mmm-yyyy` don sunan wata ya fito ido ya gani.

Gurbin da aka bari ba komai ma yana ruɗarwa, domin Excel sifili yake ɗaukarsa, sai ka ga katin wani ya ƙare tun farkon shekarun 1900.

Kada a haɗa bayanai da suna. Mohammed a wannan takarda Muhammad ne a waccan, kuma sashe ɗaya na iya samun A'isha biyu masu sunan uba iri ɗaya. Lambar ma'aikaci ce abin riƙewa. Kowane satifiket a ba shi layinsa, domin wa'adi ya bambanta: lasisin likita na MDCN, wato hukumar kula da likitoci ta Najeriya, duk shekara ake sabunta shi, bai kamata a dunƙula shi da BLS ba. In mutum ya yi kwas sau biyu, tsohon kwafi yakan fi saurin zuwa hannu, don haka a duba fayil har ƙasa a ɗauki na baya-bayan nan.

Sai tsarin kwas ɗin kansa. Masu jira jeri ya nuna "ya ƙare" kafin su motsa sun makara. A ƙara gurbin ranar fara shiri, kwana 90 kafin ƙarewa, wato `=E2-90`. In nas 40 suka yi horo tare a Maris 2024, duk ranar 31 ga Maris, 2026 katinsu zai ƙare, kuma ba za a kwashe su daga ɗakunan marasa lafiya rana guda ba. A raba su rukuni 5 na mutum 8, daga Janairu zuwa farkon Maris, a bar makonnin ƙarshe ga waɗanda suka faɗi ko suka kasa zuwa. Masu shirin hutun haihuwa ko na shekara su shiga rukunin farko, masu aikin dare kuma kada a sa su aji da safiyar da suka sauka. Wanda ya sabunta a Janairu 2026 sabon katinsa ƙarshen Janairu 2028 zai ƙare, ba Maris ba, sai a shigar da sabuwar ranar da zarar kwafin ya iso fayil.