Babi na Tara: Saƙon da Zai Amsa Imel Idan Ba Ku Ofis

Darasi na ɗaya: Mene ne wannan saƙo?

A babin da ya wuce mun koyi buɗe imel da aika amsa. Yau za mu koyi rubuta saƙo guda ɗaya tak, wanda kwamfuta za ta riƙa aikawa da kanta ga duk wanda ya rubuto muku alhali kun tafi hutu, ko kwas, ko jinya. Kamar takardar da ake mannawa a ƙofar ofis ce idan mai ofishin ya yi tafiya. Sau ɗaya za ku rubuta shi, kafin ku tafi. Ba sai kun taɓa waya ko kwamfuta a can inda kuke ba.

Wanda ya rubuto muku yana neman ganawa, tambaya biyu ce a ransa. Yaushe za ku dawo? Wa zai nema kafin nan? Idan saƙonku ya amsa waɗannan biyun, ya cika. Dalilin tafiya, da garin da kuka je, da masaukinku, duk ba sa ciki. Ku tuna saƙon nan yana iya zuwa hannun wanda ba ku taɓa sani ba.

Kada ku buɗe kwamfuta tukuna. Ku ɗauko littafin rubutu da biro, ku ɗauko kalanda. A takarda za mu fara, domin a takarda aka fi ganin kuskure.

Darasi na biyu: Ranar dawowa

Nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe. Kada kowa ya ji kunya, sannu ba ta hana zuwa.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Wani ma'aikaci ya ɗauki hutun mako guda. Hutun ya fara ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025. Ya ƙare ranar Juma'a, 7 ga Nuwamba. A ofishinsu ba a aiki Asabar da Lahadi. To, yaushe zai dawo?

Ku ɗora yatsa a kan kalanda, a kan 7. Wannan ce ranar ƙarshe ta hutu. A wannan rana ba ya ofis. Ku matsa zuwa 8, Asabar ce, ofis a rufe. Ku matsa zuwa 9, Lahadi ce, ofis a rufe. Ku matsa zuwa 10, Litinin. Ku tsaya nan, ku zagaye ta da biro. Wannan ita ce ranar dawowa: ranar farko da zai zauna a kujerarsa, mai nemansa ya same shi.

Ranar ƙarewar hutu daban, ranar dawowa daban. Ku sake karanta wannan layi da babbar murya.

Da yawa sukan rubuta, "Ba na nan har zuwa 7 ga Nuwamba." Mai karatu zai tsaya yana tunani: ranar 7 ɗin yana nan ne ko ba ya nan? Wani zai ɗauka an dawo, ya taso ranar Juma'a ya tarar da kujera babu kowa. Kalmar "har zuwa" ita ce ta jawo wannan. Ku bar ta. Ku rubuta haka:

"Zan dawo ofis ranar Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025."

Ku ƙirga abin da ke cikin layin nan: sunan rana, kwanan wata, sunan wata, shekara. Abu huɗu. Sunan rana yana da amfani biyu. Mai karatu zai gane nan take ba sai ya duba kalanda ba, ku kuma idan kun rubuta Litinin amma kalanda ta nuna 10 ga wata Talata ce, kun kama kuskurenku tun kafin ya fita.

Yanzu ga hanyoyi uku da nake yawan gani a littattafanku, kuma dukkansu ba su yi ba.

Ta farko: "Zan dawo mako mai zuwa." Ku tuna kwamfuta ba ta canja rubutun. Abin da kuka rubuta ranar farko, shi za ta aika ranar ƙarshe. Haka "gobe", da "jibi", da "nan da kwana biyar". Wanda ya rubuto ranar Litinin zai karanta "nan da kwana biyar", wanda ya rubuto ranar Juma'a ma haka zai karanta, sai ya ƙara kwana biyar a kan Juma'a. Kun ɓatar da shi ke nan.

Ta biyu: "Zan dawo ranar Litinin." Wace Litinin? Kowane wata yana da Litinin huɗu, wani ma biyar.

Ta uku: lamba zalla, wato 10/11. A wajenku 10 ga Nuwamba ne. Amma a Amurka wata suke fara rubutawa, don haka mutumin can zai karanta 11 ga Oktoba. Ku rubuta sunan watan da haruffa, an huta.

To, mu gwada. Hutu ya ƙare ranar Laraba, 5 ga Nuwamba. Ranar dawowa fa? Alhamis, 6 ga Nuwamba. Madalla ga wanda ya samu. Wanda ya rubuta 5, ya koma kan kalanda, ya ɗora yatsa, ya matsa gaba ɗaya.

Mu sake. Hutu ya ƙare ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba. Ranar dawowa? Litinin, 17 ga Nuwamba. Ba 14 ba, ba kuma 15 ba. In kuma Litinin ɗin ta faɗo a ranar hutun gwamnati, sai ku ƙara matsawa zuwa Talata, 18.

Jama'a, sai na faɗa muku gaskiya. Akwai masu tsallake kalanda suna cewa sun san kwanan wata da ka. Su ne kullum nake ja wa jan biro. Mutum ya shekara yana aiki a ofis amma ya ƙi ɗaga kai ya dubi bango na ɗan lokaci, wannan ba ƙarancin ilimi ba ne, ganganci ne. Ku duba kalanda. Ko kun tabbata, ku duba.

Ku rubuta layin ranar dawowa sau biyar a littafinku, kowanne da kwanan wata daban, kafin ku juya shafi.

Darasi na uku: Wanda zai shirya ganawa a bayanku

Ba kowa ne zai iya jira har 10 ga wata ba. Wani yana so ne a sa masa rana kawai. Saboda haka sai ku ambaci mutum ɗaya da zai iya shirya ganawa.

Kafin ku rubuta sunan kowa, ku je ku tambaye shi. Ku ce, "Malama, zan tafi hutu daga 3 ga wata, zan dawo 10. In sa sunanki ga masu neman ganawa?" Ku tabbata ita ma tana ofis a dukkan waɗannan ranaku. An sha yin haka: mutum ya tura jama'a wajen abokin aikinsa, ashe shi ma ya tafi hutu, saƙonsa kuma yana maido da su wajen na farko. Sannan ku tabbata tana iya ganin jadawalinku, ko na kwamfuta ko na littafi, in ba haka ba za ta sa wa mutum biyu lokaci ɗaya.

"A tuntuɓi ofis" bai isa ba. Ofis ba ya ɗaga waya, mutum ne ke ɗagawa. Ku sa cikakken suna, da muƙami, da adireshin imel ko lambar wayar aiki. Lambar gida ko ta kanta, sai da izininta. Ku kwafi adireshin harafi bayan harafi, domin ɗigo ɗaya in ya ɓata, saƙo ba zai isa ba.

Ku kuma faɗi iyakar abin da za ta yi. Shirya ganawa aka ce, ba sa hannu a takardu ba.

Ga saƙon a haɗe. Ku cike gurbin da aka bari:

Take: Ba na ofis, zan dawo Litinin, 10 ga Nuwamba

Barka da aiki. Na gode da saƙonku. Ba na ofis daga Litinin, 3 ga Nuwamba. Zan dawo ranar Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025. Mai son a shirya masa ganawa kafin nan ya tuntuɓi Malama ………, sakatariyar sashenmu, ta imel ……… ko ta wayar ofis ………. Sauran saƙonni zan amsa su bayan na dawo. Na gode.
(Sunanku da muƙaminku)

Kun ga ranar dawowa ta fito har sau biyu, a take da kuma a ciki. Da gangan ne, domin wasu take kawai suke karantawa. Ku duba cewa biyun sun dace da juna, su kuma dace da wadda kuka zagaye a kalanda.

Darasi na huɗu: Sa shi a kwamfuta

A Gmail, ku danna alamar saiti da ke sama ta hannun dama, sannan See all settings. A shafin General, ku gangara can ƙasa zuwa Vacation responder, ku kunna shi. Akwai gurbi biyu na kwanan wata. A First day ku sa 3 ga Nuwamba. A Last day, ku kula: nan ba ranar dawowa ake sawa ba. Ku sa 9 ga Nuwamba, Lahadi, ranar da dawowa za ta biyo bayanta. Gmail yana aika amsar har zuwa ƙarshen daren ranar da kuka sa. In kun sa 10, kuna zaune a ofis yana gaya wa mutane ba ku nan. In kun sa 7, wanda ya rubuto ranar Asabar ba zai ji komai ba.

Take ya shiga Subject, saƙo ya shiga Message. Ku danna Save Changes. Wanda bai danna wannan ba, bai yi komai ba.

A tsohon nau'in Outlook na kwamfuta, ana shiga ta File, sannan Automatic Replies.

Darasi na biyar: Gwaji

Ranar da saƙon ya fara aiki, ku roƙi wani ya aiko muku imel ya gani ko amsa ta je. In ya sake aikowa nan take bai sami amsa ta biyu ba, ba lalacewa ba ce. Gmail yakan bar kwana 4 kafin ya sake amsa wa mutum ɗaya.

Darasi na shida: Bayan dawowa

In hutu ya ƙaru, ku gyara ranar a take, da cikin saƙo, da Last day, ku kuma sanar da sakatariya. In kun dawo da wuri, ku danna End now.

Aikin gida: hutu daga Litinin, 1 ga Disamba, 2025, zuwa Juma'a, 5 ga Disamba. Ku rubuta saƙon duka, ku ja layi a ƙarƙashin ranar dawowa. Kowa ya zo aji da kalandarsa.