Kame-kame a Babin Tattauna Sakamako: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Duk malamin da ya saba duba kundin ɗalibai ya san irin wannan jimla: "Sakamakon da aka samu yana iya nuna cewa wataƙila akwai yiwuwar gidan sauro yana ɗan taimakawa wajen rage zazzaɓin cizon sauro a wasu lokuta." Ƙirga kalmomin noƙewa da ke cikinta: yana iya, wataƙila, akwai yiwuwar, ɗan, a wasu lokuta. Biyar ke nan a kan magana guda. Da Turanci aka rubuta kundin, ko Faransanci, ko Hausa, ciwon ɗaya ne. Ɗalibin yana tsoron mai jarrabawa na waje ya kama shi ranar kare kundi, sai ya rubuta abin da ba wanda zai iya ƙaryatawa, tunda bai faɗi komai ba.

Goge kalmomin shakka gaba ɗaya ba shi ne magani ba. Abin da ake so shi ne kowace shakka ta zauna a inda ta dace: a san a kan wace magana take, mene ne dalilinta, kuma ta wane ɓangare za ta iya karkatar da sakamakon. Bari mu ɗauki misali ɗaya na ƙirƙira mu bi shi har ƙarshe.

A ce wata ɗaliba ta shiga wata mazaɓa da damina, ta yi wa yara 400 'yan ƙasa da shekara biyar gwajin jini na gaggawa don gano zazzaɓin cizon sauro, ta kuma tambayi iyayensu mata ko yaron ya kwana cikin gidan sauro a daren jiya. Cikin yara 200 da aka ce sun kwana a ciki, 40 aka samu da ƙwayar cutar, wato kashi 20 cikin ɗari. Cikin 200 da ba su kwana ba, 70 aka samu, kashi 35. Bambancin maki 15 ne. Idan aka yi lissafin tazarar da ake da amincewar kashi 95 a kanta, bambancin na gaskiya yana tsakanin maki 6 da 24.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne noƙewa a kan abin da mutum ya ƙirga da hannunsa. Ɗalibar nan ba ta da dalilin rubuta cewa "da alama" yaran da ke kwana a gidan sauro ba su kai sauran kamuwa ba. Ta gwada, ta ƙirga, 40 da 70 ne. Wannan sai a faɗe shi kai tsaye: "A yaran da aka gwada, cutar ta fi yawa da maki 15 a waɗanda ba su kwana a gidan sauro ba." Shakkar da ke tattare da ɗaukar samfuri kuwa, tazarar 6 zuwa 24 ta riga ta ɗauke ta, kuma ta ɗauke ta da adadi. Wanda ya rubuta tazarar sannan ya ƙara "wataƙila" ya faɗi abu ɗaya sau biyu, na biyun ma ya fi na farkon rauni.

Inda shakka ke da gurbi shi ne mataki na gaba, lokacin da za a tashi daga "an samu bambanci" zuwa "gidan sauron ne ya jawo bambancin". Binciken ɗalibar na lokaci ɗaya ne, ba ita ta raba gidan sauro ta hanyar ƙuri'a ba. Gidajen da ke da shi suna iya zama su ne masu ɗan hali, masu raga a taga, masu kai yaro asibiti da wuri. A nan kalmar shakka ɗaya ta isa, amma sai ta zo da dalilinta a maƙale: "Wannan bambanci ya dace da kariyar da gidan sauro ke bayarwa, sai dai tsarin binciken ba zai iya raba tasirinsa da na wadatar gida ba, domin ba a auna dukiyar magidanta ba." Mai karatu ya san abin da aka samu, ya san abin da ba a iya tabbatarwa ba, ya kuma san abin da mai bincike na gaba zai auna.

Akwai wani kuskuren da ke ba ni haushi fiye da wannan, wato ɗalibi ya shafa wa ilimin da ya riga ya tabbata raunin nasa binciken. Sai ka ga an rubuta "wasu masana suna ganin gidan sauro mai magani yana iya yin amfani." Ba haka zancen yake ba. An yi manyan gwaje-gwaje na ƙuri'a a Afirka, har da wanda aka yi a Navrongo da ke arewacin Gana, aka wallafa a 1996, ya nuna raguwar mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin ɗari. Amfanin gidan sauro mai magani ba ya jiran kundin ɗalibarmu. Abin da kundinta ba zai iya faɗa ba shi ne girman amfanin a wannan mazaɓa. Idan ta haɗa biyun ta lulluɓe su da "wataƙila" ɗaya, ta rage wa tabbataccen abu ƙarfi, ta kuma ɓoye ainihin inda nata aikin ya tsaya.

Sai sashen iyakokin bincike, wanda yawanci ake rubuta shi kamar addu'ar tashi daga taro: ƙarancin lokaci, ƙarancin kuɗi, ƙarancin samfuri, don haka a ɗauki sakamakon da taka-tsantsan. Wannan zai hau kan kowane kundi a duniya, shi ya sa ba ya gaya wa kowa komai. Ƙarancin kuɗi matsalar mai bincike ce. Abin da mai karatu ke son sani shi ne me ya faru da hujjar. Gwajin da nake yi wa kowace iyaka tambaya ce guda: idan wannan matsala ta auku, bambancin maki 15 zai kumbura ne ko zai motse?

Mu gwada a kan aikin ɗalibar. Iyaye mata sun san amsar da ma'aikaciyar lafiya ke son ji, don haka wasu za su ce yaro ya kwana a gidan sauro alhali yana rataye ko yana cikin leda. Irin waɗannan yara marasa kariya sun shiga rukunin masu kariya, sun ɗaga adadin masu cutar a can. Wannan yana motse bambancin, ke nan ainihinsa zai iya wuce 15. Wadatar gida kuwa akasin haka take yi: idan masu hali sun fi mallakar gidan sauro kuma 'ya'yansu sun fi samun magani, wani kaso na makin 15 ɗin ba na gidan sauro ba ne. Gwajin gaggawa ma yana da nasa hali, domin nau'in da aka fi amfani da shi yana iya ci gaba da nuna cutar har makonni bayan yaro ya warke, alhali tambayar da aka yi wa uwa ta daren jiya ce kawai. Ga kuma lokacin: da damina aka ɗauki bayanan, sauro na ganiyarsa, don haka adadin ba ya wakiltar rani. Iyakoki huɗu ne, kowacce da inda ta dosa. Da zarar an rubuta su haka a wuri ɗaya, sauran babin ya huta, ba sai an bi kowace jimla ana yayyafa mata "mai yiwuwa" ba.

Abin mamaki, ɗaliban da ke noƙewa a kan sakamako mai ƙarfi su ne kuma ke zaƙewa a kan mai rauni. A ce cikin yaran akwai jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, 30 a kowane rukuni, aka samu 5 da cutar a masu gidan sauro, 8 a marasa shi. Bambancin maki 10 ne, amma tazararsa ta tashi daga kimanin 11 ƙasa da sifiri zuwa 31 sama da shi. Da yawa za su rubuta: "Gidan sauro ba shi da tasiri a kan jarirai." Wannan magana ce mai kauri wadda jarirai 60 ba za su iya ɗauka ba. Tazarar ta ƙunshi babu amfani, ta kuma ƙunshi amfanin da ya ninka na sauran yara. Abin da ya dace a rubuta shi ne: "Jariran da ke cikin samfurin sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu, bayanan sun dace da rashin bambanci, sun kuma dace da babban bambanci." Wanda ke share kame-kame daga babinsa ya kula da irin wannan wuri, don a nan ƙara shakka ake bukata.

Wata dabara mai kyau ita ce a bai wa kalmomin tabbaci matakai, a kuma riƙe su. Kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, haka yake yi: kalmar da ke nufin abu yana da rinjayen yiwuwa tana nufin kashi 66 zuwa sama, ta gaba da ita kashi 90, wata ta gaba kuma kashi 95, ta kusan tabbas kashi 99. Saboda haka ne ake iya bin yadda maganarsu kan hannun ɗan Adam a ɗumamar duniya ta yi ta ƙarfi: matakin 66 a rahoton 2001, na 90 a 2007, na 95 a 2013, a 2021 kuma suka ce babu sauran shakka. Ɗalibi ba ya bukatar adadi a kan kowace kalma, amma zai iya ware uku: "ya nuna" ga abin da ya auna, "ya dace da" ga fassarar da wasu bincike suka mara wa baya, "wata yiwuwar ita ce" ga hasashen da bai gwada ba. Matsalar tana zuwa ne idan ya musanya su don gudun maimaici, sai mai karatu ya kasa gane wanne ne tabbas, wanne ne zato.

A aikace, buɗe babin a kwamfuta, danna Ctrl+F, ka nemo kalmomin noƙewarka ɗaya bayan ɗaya, ka shafa musu launi. A kan kowacce ka gwada ƙarasa wannan: "ina shakka a nan domin..." Idan dalili ya zo, rubuta dalilin a jimlar ka bar kalma ɗaya. Idan bai zo ba, goge ta. Idan dalilin da ya zo shi ne wanda ka riga ka bayyana a sashen iyakoki, nan ma goge ta. Bayan haka ka sake karantawa kana neman kalmomin "ya jawo", "ya rage", "ya tabbatar", domin wani lokaci bayan an cire "wataƙila" sai jimlar ta koma tana iƙirarin sanadi, abin da binciken lokaci ɗaya bai isa ya yi ba.

Ga yadda sakin layin ɗalibar zai kasance bayan gyara: "Kashi 20 na yaran da suka kwana a gidan sauro aka samu da cutar, a kan kashi 35 na waɗanda ba su kwana ba, bambancin maki 15, da tazarar 6 zuwa 24. Wannan ya dace da kariyar da gwaje-gwajen ƙuri'a suka riga suka nuna. Ba a auna wadatar gida ba, kuma tana iya kumbura bambancin. Dogaro da amsar iyaye kuwa yana iya motse shi. Adadin na damina ne, na mazaɓa ɗaya. A kan jarirai, samfurin bai isa a ce komai ba."