Darasi na Tara: Haɗa Zoɓo da Adana Shi

A ƙasar Kabi, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai inda mutum ba ya son komai sai abu mai sanyi. A wannan lokaci ne zoɓo, ko soɓo kamar yadda wasunmu ke cewa, ya fi tafiya a tasha da bakin makaranta da kasuwa, kuma a lokacin ne ya fi saurin lalacewa. Mace takan haɗa shi da asuba yana da daɗi, kafin la'asar ya fara kumfa. Wannan darasi zai nuna yadda ake haɗa lita 5, da abin da ke sa ya lalace. Abin da za a riƙe tun daga farko shi ne, zoɓo yana sauka daga wuta da tsabtarsa. Abubuwan da ake zuba masa bayan ya huce su ne suke kawo ɓarna.

Sayen zoɓo da awo

Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ganyen zoɓo jan kwanson da ke rufe 'ya'yan yakuwa ne, wato sure, wanda ake ɓarewa a shanya da kaka. Idan kin je saye a kasuwar Jega ko ta Birnin Kabi, ki ɗebi kaɗan ki matse a hannu. Mai kyau yakan yi ƙaras-ƙaras, launinsa ja ne mai duhu, ƙamshinsa tsami-tsami. Wanda ya yi laushi, ko yake warin rima, ko kika ga farin gari-gari a jikinsa, ruwa ya taɓa shi. Ki bar shi ko da an karya miki kuɗi, domin tafasawa ba ta gyara abin da ya yi fumfuna.

Awo yana buƙatar kofi guda wanda ba za a riƙa canzawa ba. Ki nemi kofin da rabin ledar fiya wata ke cika shi. Leda ɗaya rabin lita ce, saboda haka leda 10 lita 5 ke nan. Ki auna wannan ruwa sau ɗaya a tukunyarki, ki lura da inda ya tsaya, daga nan ba sai kin sake ƙirge ba. Ga lita 5 ana buƙatar zoɓo kofi 4, da sukari kofi ɗaya da rabi zuwa biyu, da busasshiyar citta guda 4, da kanumfari ƙwaya 10, da masoro rabin ƙaramin cokali.

Wanki da dafuwa

Zoɓo a ƙasa ko a kan tabarma ake shanya shi, don haka ba ya rasa yashi. Ki zuba shi a roba da ruwan sanyi, ki cuɗa sau biyu ko uku da sauri, ki tsame shi da hannu zuwa wata robar. Kada ki tsiyaye ruwan ta kansa, yashin yana kwance a ƙasa, zai koma ciki. Ki sake yi sau ɗaya. Za ki ga ruwan wankin ya yi ja, wannan ba komai, amma kada ki bar shi ya jiƙa a ciki, launin da kike nema ne yake tafiya.

Citta da kanumfari da masoro ba sa sakin ƙamshinsu da wuri, shi kuwa zoɓo nan da nan yake saki. Shi ya sa ba a zuba su lokaci guda. Ki daddaka kayan ƙamshin sama-sama, ba sai sun yi gari ba, ki zuba a ruwa, su tafasa minti 10. Sannan ki zuba zoɓon, ki bari ya tafasa minti 5 kawai. Ki sauke, ki rufe tukunyar, ki bar shi minti 20 zuwa 30.

Wannan zaman da yake yi a rufe shi ne ainihin aikin. Idan kika tace da wuri, zai fito ja-ja mai haske, ɗanɗanonsa salam. Idan kuma kika bar shi yana ɓararraka a wuta rabin sa'a ko fiye, jan zai koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya bi tururi, kuma ya yi bauri mai kama harshe, wanda sukari ba ya ɓoyewa. Ga yadda ake gane ya yi: ki ɗebo da farin cokali ko farin kofi, ki duba a haske. Ruwan ya zama ja sosai har gindin kofin ya kusa ɓacewa, su kuma kwanson da ke cikin tukunya sun kumbura sun koɗe.

Wasu sukan jiƙa shi da ruwan sanyi tun dare su tace da safe. Launin yana fita da kyau, gaskiya ne, amma da bazara ban ba da wannan shawara ba, sai idan za a tafasa ruwan bayan an tace. Haka kuma kada zoɓo ya kwana a tukunyar alminiyom irin ta ƙira ko ta ƙarfe mai tsatsa, domin tsaminsa yana cin ƙarfe, ya ɓata launi da ɗanɗano. Da lokacinsa ya cika, a tace.

Ki fara tacewa da rariya, sannan da farin ƙyalle mai tsabta wanda aka tsoma a tafasasshen ruwa. Daga lita 5 za ki samu kamar lita huɗu da rabi, saura ya tafi a tururi da jikin kwanso. Wato gora 9 masu cin rabin lita.

Zaƙi da tsami

Ki zuba sukari zoɓon yana da zafi. Zai narke da kansa, kuma zafin zai taimaka wajen kashe abin da ya biyo shi daga kasuwa. Ki fara da kofi ɗaya da rabi, ki juya, ki ɗiba a wani ƙaramin kofi, ki bari ya huce kafin ki ɗanɗana, tunda a sanyaye za a sha shi. Idan bai ji ba, ki ƙara cokali-cokali. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa kuwa sai da ruwa, ruwan kuma ya tsinka launi.

Mazarƙwaila tana ba da ƙamshi mai daɗi, sai dai takan zo da ƙura da tsakuwa, don haka a narka ta a tafasasshen ruwa a tace. Dabino da ɓawon abarba su ma a wanke su, a dafa su tare da kayan ƙamshi. A kula da kanumfari. Ƙwaya 10 sun isa lita 5, idan aka cika shi sai ya danne komai, zoɓon ya riƙa ɗanɗanon magani.

A wani aji wata ɗaliba ta tambaya: "Malama, mu a gidanmu kanwa muke jefawa don ta kashe tsami, ba sai an sa sukari da yawa ba. Da laifi?"

Malamar ta ce: "Yaya, tana kashe tsami kam. Amma kin lura da yadda launin ke komawa baƙi-baƙi?"

Wannan baƙin alama ce cewa tsamin ya ragu, kuma tsamin nan shi ne yake hana ƙwayoyin cuta da yawa yaɗuwa a cikin zoɓo. Wanda aka sa wa kanwa ya fi saurin lalacewa. Idan na sha a gida ne nan take, ɗan ƙanƙanin ruwan kanwa ba zai zama matsala ba. Na sayarwa wanda zai wuni a rana, gara a bar shi da tsaminsa. Idan ya yi yawa, a rage zoɓon zuwa kofi 3 a haɗi na gaba.

Inda ɓarna take shiga

A ɗauki misalin mai sana'a a Birnin Kabi. Ta dafa zoɓonta daidai da asuba. Da ya huce, sai ta ga ya yi kauri, ta ƙara ruwan randa. Ta markaɗa ɗanyar abarba da kokwamba ta zuba, ta juye sukari, ta cusa hannu ta dama. Ta ɗura a gorunan da yara suka tsinto aka ɗauraye sau ɗaya. Da azahar ƙanƙarar kula ta narke. Da la'asar gorunan sun yi tauri, ana buɗewa sai su yi fiss.

Abin da ya faru shi ne, ruwan randa da ɗanyen kayan marmari da hannu da gora duk sun shigo da ƙwayoyin yis, irin masu kumbura ƙullu. Sun tarar da sukari, sun tarar da ɗumi, sai suka fara ci suna fitar da iska. Wutar asuba ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Gyaran ba shi da tsada. Ruwan ƙari ya zama tafasasshe. Abin juyawa ya zama ludayi mai tsabta, kada hannu ya shiga. Ɗanyar abarba ko kokwamba a sa su a abin da za a sha a lokacin kawai. Ƙanƙara kuwa a jera ta a kewayen goruna cikin kula, kada a jefa ta cikin zoɓon, tunda ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Wannan ya fi muhimmanci da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo.

Gora sabuwa ta fi. Idan dole sai tsohuwa, ta zama wadda kika san abin da aka sha a ciki. A wanke ta da sabulu ciki da baki da murfi, a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya ɗan huce, a kife ta bushe. Gorar bola ko ta asibiti, ko wadda aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur, babu wankin da zai sa ta dace da abin sha. Mai ƙulla leda kuma kada ta hura ta da baki.

Kwana nawa yake yi?

Zoɓo mai sukari da ba a sanyaya ba na yini ɗaya ne, kada ya kwana. A firij mai sanyi sosai yakan yi kwana 3 zuwa 4, amma wannan lissafi yana aiki ne idan wuta ba ta ɗauke ba. Firij ɗin da ya kwana babu wuta ya koma akwati, a duba zoɓon da kyau kafin a sha. Wanda ya daskare ya zama ƙanƙara yakan yi makonni, sai dai a bar sarari a wuyan gora don kada ta fashe, kuma idan ya narke kada a mayar.

Ga dabara ga wadda ba ta da firij abin dogaro: ta rufe rabin ruwan zoɓon ba sukari, ta ajiye a wuri mai sanyi, da safe ta sake tafasa shi sannan ta sa sukari. Shi ma kada ya wuce washegari. Busasshen zoɓo kuwa yana yin watanni a rufaffen mazubi inda danshi ba ya kaiwa, don haka a riƙa dafa daidai abin da zai ƙare.

Idan gora ta kumbura, ko kumfa ta taru a sama ba tare da an girgiza ba, ko warin ya koma na ruɓaɓɓen abu, ko ya yi yauƙi, ko farin abu ya kwanta a kansa, a zubar. Kada a ƙara sukari a sayar, kada kuma a ba yara. Mai ciwon sukari ya sha marar zaƙi. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su mayar da shi abin shan kullum, domin zoɓo yana ɗan saukar da jini.

Aikin aji

1. An ba ki aikin gora 18 na bikin suna. Lita nawa za ki ɗora, kuma zoɓo kofi nawa?
2. Me ya sa ake fara dafa citta kafin a zuba zoɓo?
3. A misalin mai sana'ar nan, rubuta abubuwa uku da suka shiga zoɓon ba su bi ta wuta ba.
4. A zo aji na gaba da kofin awo da ledar ruwa ɗaya, a gwada a ga ko rabin ledar na cika shi.