Saƙon makara ga sufabaiza: kurakuran da aka fi yi, da yadda ake biyan lokacin da aka ci

Na daɗe ina kula da masu aikin safe a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano. Aikinmu na karɓa-karɓa ne: na safe su shiga ƙarfe 6 su tashi ƙarfe 2, na rana su kama daga 2 zuwa 10 na dare, na dare su kwana a kai har 6 na safe. Inji ba ya tsayawa, mutum ne ke canzawa. Saboda haka idan wani ya makara, ba lokacinsa ya ci ba, lokacin wanda zai karɓa ya ci, mutumin da ya kwana a tsaye yana jiran ya je ya kwanta. Kusan duk kuskuren da nake gani a saƙon makara daga mance wannan mutumin yake fitowa.

Na farkon da ya fi yawa shi ne jinkirin turo saƙon. Mutum ya san tun biyar da kwata cewa ba zai kai ba, amma sai ya yi shiru yana fatan hanya ta yi kyau. Sai shida da minti ashirin, bayan na dare ya wanke hannu ya rataya jakarsa, sannan waya ta yi ƙara. A lokacin ba abin da saƙon zai gyara. Da ya zo tun biyar da rabi, sufabaiza yana da rabin awa da zai roƙi na dare ya ɗan ƙara, ko ya janyo wani daga wajen ɗaurin kaya ya riƙe injin. Don haka kada ka jira sai ka tabbatar ka makara. Da zarar ka ga alamar abin zai faru, tura. In ka zo a kan lokaci bayan ka ce za ka makara, babu wanda zai ji haushinka.

Sai maganar "ina hanya" da "ga ni nan, yanzun nan". Duk mun saba da su a zumunci, kuma a can ba su da laifi. Amma sufabaiza ba zai iya zuwa wajen wanda ya kwana aiki ya ce masa "yi haƙuri, yana hanya" ba, don tambayar farko da za a yi masa ita ce: har ƙarfe nawa? Mai tahowa daga Ja'en yana hanya, mai tahowa daga Kurna ma yana hanya, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Ka faɗi agogo. Ka ce in sha Allahu, amma ka sa ƙarfe kaza a gabanta. Kuma kada ka faɗi lokacin da kake fata, ka faɗi wanda ka san za ka iya cikawa ko da ɗan sahu ya tsaya ɗaukar fasinja sau uku. In lissafinka ya ba ka ƙarfe 7, ka ce 7 da kwata. Na fi son a ce mini awa ɗaya da kwata a cika, da a ce mini minti ashirin sau uku.

Akwai kuma masu dogon labari. Ina tuna wata safiya ta damina, ina tsaye gefen injin niƙa roba da ƙararsa ke sa sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka, sai ga saƙon murya na minti uku. Na kara wayar a kunne, na toshe ɗaya kunnen da yatsa, abin da na iya tsinta kawai shi ne gaisuwa, da ruwan sama, da sarƙar mashin. Lokacin isowa yana can ƙarshe, ban kai gare shi ba. A wurin da ake ƙara, rubutu ya fi murya, kuma rubutu yana zama shaida ranar da za a duba littafi. Dalili layi ɗaya ya isa: yaro ba lafiya, mashin ya lalace, ruwa ya tare hanya. Sauran bayani ka ajiye sai ka zo. Gaisuwa ma ba a cire ta, ba mu taso a haka ba, sai dai a taƙaita: sallama da barka da asuba sun wadatar.

Filashin kuwa ba sanarwa ba ne. Haka faɗa wa abokin aiki ya faɗa wa oga, ko jefa maganar cikin zauren WhatsApp na ma'aikata inda za ta nutse ƙarƙashin gaishe-gaishe. Ka tura kai tsaye ga wanda ke da alhakin tsara mutane a wannan lokacin. Ka lura da wannan: in ka makara aikin safe, sau da yawa sufabaizan dare ne ke wurin, naka bai ma iso ba. Shi ke da mutumin da za a roƙa ya tsaya. Ya kamata lambobin su biyun su kasance a wayarka. Idan ka tura rubutu minti biyar ba a buɗe ba, ka kira.

Inda aka fi tafka kuskure, kuma inda nake son in daɗe, shi ne alƙawarin biyan lokaci. Yawancin saƙonni da "zan rama in sha Allahu" suke ƙarewa. Yaushe? Ga wa? Wasu sukan ɗan matsa gaba su ce za su ƙara lokaci bayan an tashi. A ofis wannan yana aiki, don takardar da ba ka gama da safe ba tana nan tana jiranka da yamma. A aikin karɓa-karɓa ba haka ba ne. Ƙarfe 2 na rana mai karɓarka zai iso, injin kuma mutum ɗaya yake buƙata. In ka tsaya har 3 da kwata, mutum biyu ne a kan aikin mutum ɗaya, shi kuwa na dare da ya yi maka tsayuwa yana gida bai ga komai ba. Bashin nasa ne, wurinsa za a kai.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Kana aikin safe a inji na 4. Ƙarfe 5 da minti 20 ka fito, tayar mashin ta yi faci, mai faci kuma bai fito ba. Ka lissafa: ka mayar da mashin gida, ka fito titi, ka hau ɗan sahu biyu, za ka kai 7 da kwata. Minti 75 ke nan. Ga saƙon da ya kamata ya fita kafin 5 da rabi:

"Assalamu alaikum, Oga, barka da asuba. Mai inji na 4 ne, aikin safe. Zan makara, tayar mashin ta yi faci. Zan iso 7:15 in sha Allahu. Na yi magana da na dare, ya yarda ya riƙe mini in ka amince. Zan biya shi minti 75: gobe in karɓe shi 5:20, jibi 5:25. In da wani tsarin da ya fi maka, ka faɗa mini. A yi mini haƙuri."

Duba lissafin: minti 40 gobe, minti 35 jibi, sun haɗu 75. Me ya sa ba a biya rana ɗaya ba? Don biya a rana ɗaya yana nufin ka kasance a bakin inji ƙarfe 4 da minti 45, kafin sallar asuba, lokacin da abin hawa ke wuya. Wanda ya yi irin wannan alƙawarin yakan sake makara a ranar biyan bashi, abin ya zama laifi biyu. Rabawa gida biyu ba ragwanci ba ne, alƙawarin da za a iya cikawa ne. Kuma a biya cikin makon, kafin jadawali ya juya. In mako ya zagayo aka sauya muku lokacin aiki, ba lallai ne kai za ka ci gaba da karɓarsa ba, sai bashin ya yi ta tafiya har ya zama ƙorafi.

Kalmar "in ka amince" ma ba ado ba ce. Kuskure ne babba ku shirya tsakaninku ku biyu ba tare da sanin sufabaiza ba. Wataƙila na daren nan kwana na shida ke nan yana yi, idonsa ya yi ja, kuma oga ya san bai kamata a bar shi kusa da inji ko minti goma ba. Mai gyangyaɗi a gaban inji yatsunsa ke cikin haɗari. Sannan akwai littafi: in ba a rubuta cewa musanya kuka yi ba, masu lissafin albashi za su ga shi ya yi obataim, kai kuma ka makara, sai a biya shi a yanke maka, alhali kun riga kun daidaita. Kada kuma, ko da wasa, ka sa wani ya sa maka hannu a kan ƙarfe 6. Makara takan ƙare a faɗa ko takardar gargaɗi, sa hannun ƙarya kuwa na ga ya raba mutum da aikinsa.

Wani alƙawarin da nake ƙin karɓa shi ne "ba zan fita hutu ba yau". Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun da jimillarsa bai gaza awa ɗaya ba ga wanda ke aikin awa 6 ko fiye a rana, don haka sufabaiza mai hankali ba zai rubuta cewa ya karɓi hutunka a madadin makara ba. Ban da haka, a lokacin ne za ka ci abinci ka yi sallah, kuma hana kanka su bai mayar wa na dare barcinsa ba.

Akwai ranar da ba a samu mai riƙewa ba, dole aka tsayar da inji. A nan asarar ta wuce mintocin da ka makara, don injin roba in ya huce sai an jira ya sake ɗaukar zafi, kayan farko da zai fitar kuma sau da yawa ba su da kyau. A irin wannan ba kai za ka yanke yadda za a biya ba. Ka rubuta: "Oga, na san an rasa kaya saboda ni. Ina da hali in tsaya bayan ƙarfe 2 yau ko gobe, a ɗauri ko lodi, duk inda ka ga ya fi." A nan tsayawa bayan tashi tana da ma'ana, tunda wurin da ake buƙatar ƙarin hannu za a kai ka.

Saƙon farko ba shi ne na ƙarshe ba. In 7 ta yi kana tsaye a cunkoso, ka ga 7 da kwata ba za ta yiwu ba, ka sake turawa kafin lokacin ya cika, da sabon agogo, kuma ka gyara lissafin bashin. In ka iso, kafin ka sa rigar aiki ka nemi oga ya ga fuskarka, ka rubuta ainihin lokacin a littafi, ka je wurin na dare ka yi masa godiya baki da baki, ka tsaya ya miƙa maka aikin yadda aka saba, da abin da injin ya yi cikin dare. Jibi kuma, bayan ka karɓe shi 5:25, ka tura layi ɗaya: "Oga, na cika minti 75 na ranar Talata, jiya 40, yau 35. A taimaka a rubuta."